Kafin a sayi makirfo, a fara duba ɗakin da za a ɗora muryar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Dam ɗin Tiga da ke Bebeji ya ɗaga waya yana bidiyo yana magana, ya san abin da yake tararwa idan ya koma gida ya kunna. Hoton ruwa ya fita tas, amma muryarsa ta nutse a cikin hucin iska. Haka abin yake a Kwanar Dangora ta Kiru, inda manyan motoci ba sa barin kalma biyu ta fita a jere, da wajen injinan casar shinkafa a Tudun Wada, da kan duwatsun Riruwai a Doguwa. Wuraren da suka fi kyan hoto a wannan yanki, kusan duk su ne suka fi muni wajen sauti.

Maganin da matasa suka fi gudu gare shi shi ne sayen ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, wanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yana da amfaninsa, amma ba shi ne matakin farko ba. Mafi yawan bidiyon da ake yi a nan, na tallan shinkafa ne, ko nuna gona, ko yawon buɗe ido, ba sa buƙatar a ga bakin mai magana. Abin da ya fi musu shi ne a ɗauko hoto a waje a rufe baki, a dawo gida a ɗora murya a kai. Kuma ingancin wannan murya ya fi rataya a kan ɗakin da aka zauna da lissafin lokacin da aka yi, fiye da kuɗin na'urar da aka saya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa ɗakin da ya yi tsit shi ne ɗakin da ya dace. Matashi zai nemi sabon ɗaki a gidan yayansa, wanda aka yi wa filasta da tayil ba a sa kaya ba tukuna, ya rufe ƙofa, ya ji shiru, ya ce ya samu sitidiyo. Idan ya saurari abin da ya ɗauka sai ya ji kamar daga cikin rijiya yake magana. Dalili kuwa, murya tana fita daga baki ta bugi bango mai santsi ta dawo, ta bugi tayil ta sake dawowa, makirfon waya kuma yana kwashe duka, ta asalin da waɗanda suka dawo. Kunnen mutum ya saba tace wannan amsa-kuwwa, shi ya sa mai maganar ba ya jin ta a lokacin. Waya ba ta da wannan dabara.

Akwai gwaji mai sauƙi. A tsaya a tsakiyar ɗaki a yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Idan ƙarar ta ja wutsiya, ta yi wani zirrr kafin ta mutu, wannan ɗaki bai yi ba. Idan ta mutu nan take kamar an tafa a cikin bargo, an dace. Wanda ya zagaya gida da wannan gwaji sau da yawa zai ƙare ne a ɗakin mahaifiyarsa, mai katifa da labule da kafet da tulin zannuwa, ko a tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da aka daina kallo da daraja. Bangon ƙasa yana da kauri, yana tare hayaniyar waje, kuma fuskarsa ba ta da santsin da za ta dawo da sauti kamar filasta. Ɗakin kwano marar silin shi ne na ƙarshe a jeri: da rana kwanon yana ƙas-ƙas idan ya ɗau zafi, da damina kuwa yayyafi kaɗan ya isa ya ɓata aikin, kuma kudancin Kano ba wurin da ake rasa ruwan sama ba ne.

Wanda ba shi da zaɓi sai ɗakin siminti, ba sai ya sayi komai ba. Ya jingina katifa a bangon da ke bayansa, ya buɗe durowar kaya ya fuskanci tufafin, ya shimfiɗa bargo ko darduma a ƙasa. Wasu har lulluɓa suke yi da bargo su da wayar. Yana aiki, sai dai a watan Afrilu mutum ba zai jure fiye da minti biyu ba, tunda dole a kashe fanka.

Batun fanka ba wasa ba ne. Ita da firji da janaretan maƙwabci suna cikin ƙarar da kunne ya daina ji saboda sabo, amma waya tana ji. Hanyar gane su ita ce a kunna rikoda a yi shiru na sakan 10, sannan a saurara da iyafis a ƙure ƙara. Abin da aka ji a nan shi ne zai kwanta a ƙarƙashin muryar daga farko har ƙarshe. A cire wayar daga caji, domin wasu cajojin suna sa wani zuuu a cikin sauti, a kuma kunna Airplane mode kada kira ya yanke aikin. Lokaci kuma kowane gida da nasa. Hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin injin markaɗe ya kama aiki, yakan yi kyau. Dare bayan isha'i ma yana yi, amma da damina gyare da kwaɗi suna karɓe filin, ƙarar gyare kuma siririya ce mai wuyar cirewa.

Daga ɗaki sai tazara. Makirfon da waya take ɗaukar magana da shi yana gindinta, kusa da ramin caji. A ɗora wayar a kan matashin kai ko naɗaɗɗen zane, kada a riƙe a hannu, domin motsin yatsu yana shiga. Tsakanin baki da makirfo ya zama kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Duk lokacin da aka rage tazarar da rabi, muryar tana ƙara ƙarfi sosai a kan hayaniyar ɗakin, wadda ita ba ta canza ba. Wannan shi ne ainihin abin da makirfon wuyan riga yake sayar wa mutum, kusanci, kuma a ɗaki kusanci kyauta ne. Sai dai kada a sa bakin ya yi saitin makirfon kai tsaye. Harafin "f" a bakin Bakano da leɓe biyu ake yin sa, yana fitowa da iska, don haka kalmomi irin su "fili" da "farashi" suna bugun makirfo su yi fuf. A karkatar da wayar gefe kaɗan, iskar ta wuce ta gefenta.

Duk wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi raba gwani da ɗan koyo, shi ne sa magana ta zauna daidai kan hoto. A nan ma al'adar da aka saba ita ce ta baya-baya: a danna Record a CapCut ko InShot, bidiyo yana tafiya mutum yana ƙirƙirar magana, hoto ya wuce shi, ya yi sauri ya kamo, ya ƙare da "to shi ke nan" saura sakan shida babu abin faɗa. Murya ba ta daidaita da hoto a wajen editin idan ba a auna ta ba tun a takarda.

A ɗauka wata matashiya a Tudun Wada tana sayar da shinkafa 'yar gida ta WhatsApp da TikTok. Ƙaninta ya ɗauko mata bidiyo a wajen casa, ta yanke shi ya zama sakan 48 mai gaɓa biyar. Buhunan shanshera a tsaye daga farko zuwa sakan 7. Injin yana aiki daga 7 zuwa 18. Hannu ya ɗebo shinkafar da aka cashe ya baza ta a gaban kyamara daga 18 zuwa 30. Ana awo da kwano daga 30 zuwa 41. Sai buhu ɗaure a bayan babur daga 41 zuwa 48.

Abin da za ta fara yi shi ne ta san saurin bakinta. Ta ɗauki kowane rubutu ta karanta a natse na sakan 20, ta ƙirga kalmomin. A ce ta samu 50, wato kalma biyu da rabi a kowane sakan. Gaɓar hannu da shinkafa tana da sakan 12, don haka a lissafi za ta ɗauki kalma 30. Amma ba a cika gaɓa maƙil. A bar sakan ɗaya a farko don idon mai kallo ya fara gane abin da yake gani, a bar ɗaya a ƙarshe don numfashi. Saura sakan 10, kalma 25 ke nan. Idan ta rubuta "Ga ta nan bayan casa, ku duba da kyau, babu tsakuwa, babu ƙaiƙayi, kuma ba ta karye ba, ta bana ce daga gonakin nan Tudun Wada," ta samu kalma 26, wanda ya yi kusa ƙwarai. Gaɓar farko mai sakan 7 kuwa ba za ta ɗauki fiye da kalma 12 ko 13 ba, don haka doguwar sallama da gaisuwar 'yan uwa da abokan arziki ba ta da wuri a nan. Ko dai a taƙaita gaisuwar, ko a ƙara tsawon hoton buhunan.

A kowace gaɓa akwai kalma ɗaya da dole ta faɗo a kan wani motsi. A gaɓar hannu, "babu tsakuwa" ya kamata ta fito daidai lokacin da tafin hannun ya buɗe. Idan ta zo kafin nan, mai kallo yana jin da'awa ba tare da hujja ba. Idan ta zo bayan an koma wajen awo, hujjar ta riga ta wuce. Wannan kalma ita ake fara ɗaurewa, sauran jimlar ta bi ta. A manhajar editin, a buɗe layin lokaci da yatsu biyu har zanen muryar ya fito da tuddansa da kwarinsa, a nemo tudun da "babu" ta fara, a ja guntun muryar har ya yi saiti da firem ɗin da hannu ya buɗe.

Shi ya sa ya fi kyau a ɗauki muryar gaɓa-gaɓa, guntu biyar maimakon dogon zare ɗaya. Idan ta yi tuntuɓe a ta huɗu, ita kaɗai za ta sake. Sharaɗin kawai shi ne a yi su duka a zama ɗaya, a wuri ɗaya, da tazara ɗaya. Guntun da aka sake washegari a wani ɗakin, ko marar kunnen kiɗa zai ji ya bambanta. Wanda manhajar editin take yi wa nauyi a waya yana iya aron waya ta biyu: ɗaya tana nuna bidiyon ba sauti, ɗaya tana ɗaukar murya da rikodar da ta zo da ita. Sai ya yi tafi ɗaya daidai lokacin da bidiyon ya fara. Tafin zai fito a zanen sauti kamar tsinin mashi, a sa shi a kan firem na farko, sannan a yanke shi da Split a goge.

Idan jimla ta fi gaɓarta tsawo, akwai jarabar a shiga Speed a ƙara wa muryar gudu. Gara a rage kalmomi. Hausa tana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da hawa da saukar murya, kuma maganar da aka matse da inji tana fara rasa wannan tun kafin ta zama abin dariya. Hoton buhu ko na inji ana iya rage masa gudu kaɗan ba wanda zai lura, murya kuwa nan da nan ake ganewa.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa tun da iyafis marar waya ya yi arha. Sautin da ke bi ta Bluetooth yana isa kunne a makare, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wani lokacin fiye. A bidiyo mai firem 30 a sakan, wannan firem shida ne. Mai editin da ke sanye da irin wannan iyafis zai ji kamar muryar ta makara, sai ya ja ta gaba har ta yi masa daidai a kunne. Idan ya fitar da bidiyon aka kalla a lasifikar waya, sai a ga murya tana riga hoto. Wannan kuma shi ne ɓangaren da ido ya fi saurin kamawa, domin a rayuwa an saba ganin abu kafin a ji ƙararsa, kamar mai faskare daga nesa, amma ba a saba da akasin haka ba. Ƙari a kan haka, idan manhajar ta ɗauki murya ta makirfon iyafis ɗin, ingancin yakan faɗo zuwa na kiran waya. A kashe Bluetooth gaba ɗaya lokacin ɗauka, a daidaita da iyafis mai waya ko da lasifikar wayar, a kuma yarda da zanen sauti fiye da kunne.

Ana iya gane irin matsalar daga yadda take tafiya. Idan saɓanin murya da hoto iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, an ajiye guntun ne ba daidai ba, ja ɗaya zai gyara. Idan kuwa farkon ya yi daidai amma saɓanin yana ƙaruwa har ya fito fili a minti na huɗu ko na biyar, wannan zamewa ce. Takan faru da dogon bidiyo, musamman da yake wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin firem ɗaya cur lokacin ɗauka. Maganinta a yanka muryar a wuraren numfashi, a sake saita kowane guntu da kansa. Wanda ya ɗauka gaɓa-gaɓa tun farko da wuya ya gamu da ita.

Masu ganin ɗora murya ba shi ne mafita ba suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa mai saye ya fi yarda da fuskar da ke magana a wurin, da ƙurarta da hayaniyarta, fiye da murya mai tsabta da ta yi kama da tallan rediyo. Gaskiya ne, kuma shi ya sa goge sautin asali gaba ɗaya kuskure ne. Bidiyon injin casa da babu ƙarar inji a cikinsa kamar fatalwa yake. A shiga Volume na bidiyon a sauke shi zuwa wajen 10 ko 15 maimakon sifili, a ɗaga shi a wuraren da ba a magana, misali sakan biyun farko na gaɓar inji, ko ƙarar shinkafa tana zuba a kwano. Wannan ƙarar ta ƙasa tana kuma rufe 'yan ramukan shirun da ke tsakanin guntayen murya. Idan ana son fuska, sakan biyar na gaisuwa a wurin da iska ba ta kaɗawa ya wadatar, sauran a bar wa ɗaki.

Abin da bai kamata ɗan koyo ya ɓata dare a kansa ba shi ne sake ɗora magana a kan bakin da ake gani yana motsi. Masu kallo a nan sun saba da finafinan Indiya na fassarar Algaita, kuma ba sa damuwa da saɓanin leɓe, domin kowa ya san jarumin ba Hausa yake yi ba. Amma Bahaushe yana Hausa bakinsa na saɓa wa muryarsa, wannan ba a yafe shi. Idan dole ne, a saurari jimlar asali sau da yawa, a maimaita ta da irin saurinta, a saita a kan "m" da "b" inda leɓe ke rufewa. Mafi sauƙi shi ne a rufe wurin da wani hoton, a nuna buhu ko gona yayin da muryar ke tafiya.

Haka maɓallin rage hayaniya, wanda CapCut ke kira Reduce noise. Yana taimakawa da ƙaramar ƙara mai ɗorewa, amma ba ya mayar da ɗaki mai amsa-kuwwa ya zama mai kyau. Idan hayaniyar ta yi yawa yakan haɗa da gefen "s" da "sh" da "ts" ya cinye, muryar ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Minti biyar na jan katifa ya fi shi aiki.

Akwai kuma nauyin da ke kan mai ɗora murya wanda bai shafi na'ura ba. Murya ce ke gaya wa mai kallo abin da yake gani, kuma dabarar da ke gyara tallan shinkafa ita ce dai ake ɗora wa tsohon bidiyo sabon labari da ita. Hanyar da ta ratsa dajin Falgore zuwa Jos hanya ce da matafiya ke sa kunne a kan labarinta, don haka hoton motoci a tsaye da aka ɗora wa muryar "yanzu haka" yana iya hana mutum tafiya ko ya tayar da hankalin iyalinsa, alhali hoton na bara ne ko na wata jihar. A ciniki ma haka: shinkafar da aka nuna ta watan jiya ce, wadda za a aika wa mai saye wata ce daban. Jimlar farko ta faɗi wuri da rana, "Tudun Wada, ranar kaza ga wata kaza", kalma bakwai da ba su kai sakan uku ba. Idan hoton na wani ne, a nemi izininsa a kuma faɗa.

Kafin a saki bidiyon, a fitar da shi a kalla a wata wayar daban, ƙarama mai lasifika ɗaya, a tsakar gida inda ake hayaniya, domin a irin wannan yanayin yawancin mutane za su gan shi. Idan "babu tsakuwa" ta fito sarai kuma ta faɗo kan buɗewar hannu, aikin ya yi. Idan kuma wani ne zai haɗa, misali an ɗauki muryar a Doguwa mai editin yana Kano, kada a aika ta a matsayin saƙon murya na WhatsApp, wanda ake matsewa don ya yi sauƙin tafiya. A ɗauka da rikodar waya, a tura fayil ɗin ta Document, tare da hoton takardar da aka rubuta sakan na kowace gaɓa.